Neman hutu a wurin shugaban da ya haife ka: ina ladabi ya tsaya, ina roƙo ya fara?

Ma'aikaci ɗan shekara ashirin da bakwai yana buƙatar kwana biyar don ya kai mahaifiyarsa asibiti a wani gari. Wanda zai sa hannu a takardar darakta ne da shekara biyu kacal suka rage masa ya cika sittin ya yi ritaya, wato sa'ar mahaifinsa. Da wace murya zai rubuta masa? Ya rubuta gajere a miƙe kamar yadda tsarin ofis ya tanada, ko ya shimfiɗa gaisuwa da addu'a kamar yadda aka tarbiyyantar da shi a gida?

Maganar nan ta daɗe tana yawo a bakin ma'aikata, kuma kowane ɓangare yana da nasa ƙorafin. Manya suna cewa yaran yanzu sai su turo maka saƙo a waya da daddare, "Oga gobe ba zan samu shigowa ba", kamar suna magana da abokin ƙwallonsu. Matasa kuma suna cewa hutu haƙƙinsu ne, don me sai sun durƙusa kafin a ba su abin da doka ta riga ta ba su? Ni dai a ganina duka biyun suna neman ladabi a inda ba ya zaune. Na farko yana auna shi da tsawon gaisuwa, na biyu yana ɗaukarsa ƙasƙanci, alhali mafi yawansa yana cikin wa ka fara sanarwa, yaushe, da kuma wasu ƙananan kalmomi da ba a cika lura da su ba.

## Ka fara sanin abin da kake nema

Kafin a zaɓi murya sai an san matsayin buƙatar, domin kalmar "hutu" ta rufe abubuwa uku da ba su da nauyi ɗaya.

Akwai hutun da yake haƙƙi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 18, ta ba ma'aikaci aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan ya yi wata goma sha biyu yana aiki ba yankewa. Sashe na 16 ya ba shi har kwana goma sha biyu na aiki a shekara idan ba shi da lafiya, matuƙar likita mai rajista ya ba da shaida. Sashe na 54 kuma ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma dokar ba ta rufe masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba. Su abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki ne ke magana. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da nasu ƙa'idojin, inda hutun shekara na wanda ke matakin albashi na 07 zuwa sama ya kai kwana talatin, kuma a 2021 aka amince wa maza da kwana goma sha huɗu idan matarsu ta haihu.

Sai dai ko haƙƙin ma yana da wutsiya: adadin kwanakin naka ne, amma lokacin da za ka tafi sai an daidaita da shugaba, saboda shi zai san ko ofis zai iya rashinka a wannan makon. Nan ne matasa da yawa ke zamewa. Suna ganin tunda hutun nasu ne, sanarwa ta isa.

Na biyu shi ne uzurin gaggawa, kamar rasuwa ko rashin lafiyar iyaye, wanda yawancin wuraren aiki sun yi masa tanadi amma sai da izinin na sama. Na uku kuwa alfarma ce tsantsa: ka cinye hutunka na shekara, ga bikin ƙanwarka ya taso, ko kana son ƙarin kwana uku bayan Sallah. Babu wata doka da ta tilasta a ba ka.

Kowanne da kalmarsa. A na farko ka ce kana neman amincewa da lokacin da ka zaɓa. A na biyu kana neman izini. Kalmar "alfarma" a ajiye ta sai na uku. Wanda ya rubuta "ina roƙon alfarma" a kan hutunsa na shekara ya mayar da haƙƙinsa kyauta da hannunsa, kuma kyauta ana iya hana ta ba tare da an ba da dalili ba. Wanda kuma ya rubuta "ina sanar da kai" a kan abin da yake alfarma ce, ya ƙwace wa shugaba hukuncin da nasa ne, dattijo kuwa ba ya manta irin wannan.

## Muƙami daban, shekaru daban

Abin da ya sa lamarin ke da wuya shi ne mutum ɗaya ne yake ɗauke da girma iri biyu. A matsayinsa na darakta, abin da yake bin ka shi ne bin tsari: takarda ta bi ta inda ya kamata, ta zo da wuri, ta faɗi abin da ake nema. A matsayinsa na sa'ar mahaifinka, abin da yake bin ka shi ne gaisuwa, rusunawa, da kada ya ji labarin tafiyarka a bakin masinja.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa duka biyun cikin takarda ɗaya. Takardar hutu fayil take shiga. Jami'in sashen ma'aikata zai karanta ta, wanda zai gaji daraktan bayan ya yi ritaya zai iya karanta ta, ranar da za a duba ƙarin girmanka ma tana nan. "Baba, ɗanka ne ke durƙuso" yana da daɗin ji a falo, amma a cikin fayil sai ya zama kamar da kusanci ake rabon hutu a ofishin, abin da zai kunyata shi kansa dattijon. Saboda haka takarda ta amsa wa muƙami, baki ya amsa wa shekaru. Ka je ka gaishe shi, ka faɗa masa da baki, sannan takardar ta biyo baya tana ɗauke da ranaku da sunan wanda zai riƙe maka aiki.

Wannan ya shafi ko da Turanci ake rubuta takardar, kamar yadda yake a yawancin ofisoshin Najeriya. Turancin ofis ya riga ya zo da tsayayyen salonsa na buɗewa da rufewa, kuma ya wadatar. Inda Hausa ke shigowa da ƙarfi shi ne maganar baki, saƙon waya, da wuraren da ake aiki da Hausa kai tsaye kamar makarantun Islamiyya, gidajen rediyo, ƙungiyoyi da kamfanonin 'yan kasuwa.

## Ƙananan kalmomin da ke ɗauke da nauyin

Abu na farko shi ne yadda za ka kira shi. Bahaushe ba ya kiran sunan babba gatsal, don haka sunansa ya tsaya a saman takarda tare da muƙaminsa, kada ya shigo cikin jimla. "Ranka ya daɗe", ko "ranki ya daɗe" ga mace, shi ne mafi aminci, domin ya dace da muƙami ya dace da shekaru, kuma ba ya nuna kusancin da babu shi. "Yallaɓai" ma yana tafiya, musamman a ma'aikatun gwamnati. "Oga" na baki ne, kuma ko a bakin ma ya fi dacewa da wanda ya girme ka da kaɗan. "Baba" da "Mama" sai idan kowa a ofishin haka yake kiransu kuma sun karɓa. Akwai shugabar da za ka ce wa Mama ta ji kamar tsufa kake tuna mata, alhali "Hajiya" ko "ranki ya daɗe" ba za su taɓa jawo maka haka ba. "Allah ya ja zamaninka" na masu sarauta ne, "Allah gafarta Malam" na malaman addini. Idan shugaban naka yana da ɗaya daga cikin waɗannan, to ka ba shi abinsa. Idan ba shi da shi kuma ka ɗora masa, zai ji ƙamshin fadanci, wani ma ya ɗauka ba'a ce.

Na biyu shi ne wakilin suna, kuma nan ne Hausa ta yi mana gata. Duba waɗannan jimloli uku: "Ka sa mini hannu a takardar." "Don Allah ka sa mini hannu a takardar." "Ina roƙon a duba takardar." Ta farko umarni ce. Ta biyu umarni ce da aka yafa wa mayafi, domin "ka" ɗin yana nan yana nuna shi da yatsa. Ta uku ta ɗauke yatsan gaba ɗaya. Wannan "a" da "an" da "za a" su ne babbar hanyar girmamawa a rubuce: "idan an amince", "da za a taimaka", "kamar yadda aka umarta". Wasu na amfani da "ku" ga mutum ɗaya don girmamawa, kuma ba laifi ba ne, sai dai a takardar ofis yana iya rikita mai karatu ya zaci hukumar ake nufi baki ɗaya. Idan ka fara da ɗaya, ka tsaya a kansa. Takardar da ta buɗe da "ranka ya daɗe, ina roƙon a duba" ta rufe da "sai na ji daga gare ka" ta canza riga a tsakiyar hanya.

Na uku shi ne lokacin aikatau. "Zan tafi ranar Alhamis" magana ce da aka riga aka yanke. "Ina so in tafi ranar Alhamis idan an amince" ta bar ƙofa a buɗe. Bambancin kalmomi biyar ne ko shida, amma shi ne dattijo ke fara gani.

Gaisuwa kuwa layi ɗaya ta isa. Sallama, sai fatan alheri, sai a shiga magana. Tambayar iyali da gajiya da sanyi a bar wa baki. Shugaban da ke da fayil ashirin a gabansa, idan ya karanta sakin layi biyu bai ga abin da ake nema ba, ya san roƙo ne ke tafe, kuma yakan fara shirya uzurinsa tun kafin ya kai ƙarshe.

## Takarda ɗaya, rubutu uku

Mu koma kan matashin nan. An ba mahaifiyarsa ranar ganin likita Juma'a 6 ga wata, yana so ya tashi Alhamis 5, ya dawo aiki Alhamis 12. Bai taɓa hutunsa na bana ba. Ga abin da ya fara rubutawa a waya:

"Slm Oga. Zan kai Mama asibiti ranar Alhamis, zan yi kamar sati ɗaya. Na gode."

Ba ƙarya a ciki, amma laifinta huɗu. Sallamar a gutsure take. "Zan kai" da "zan yi" sanarwa ce. "Kamar sati ɗaya" ba adadi ba ne. Godiyar kuma sanarwa ta biyo, ba neman amincewa ba, kamar an gama magana. Da abokin aikinsa ya nuna masa haka, sai ya tsorata ya faɗa ɗaya gefen:

"Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, Allah ya ja kwana, Allah ya raya zuri'a. Ni ɗanka ne kuma yaronka, ba ni da kowa sai Allah sai kai. Na san ban cancanta ba, kuma ina jin nauyin damunka, amma ina roƙon alfarma don girman Allah a tausaya mini a ba ni 'yan kwanaki saboda wata matsala ta gida."

Wannan ta fi ta farko daɗin ji, amma ta fi ta rashin amfani. Babu rana, babu adadi, babu irin hutun, babu mai riƙe aiki. Shugaba ba shi da abin da zai sa wa hannu, dole ya kira shi ya tambaye shi duk abin da ya kamata takardar ta faɗa. "Ban cancanta ba" ƙarya ce, domin ya cancanta. "Don girman Allah" kuma ɗaure mutum ne: idan aiki bai ba da dama ba, an mayar da shi wanda aka haɗa da Allah ya ƙi. Dattawa da yawa ba sa son a yi musu haka. Ga ta uku:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman amincewa in ɗauki kwana biyar na aiki daga cikin hutuna na bana, daga Alhamis 5 zuwa Laraba 11 ga wata, in dawo aiki Alhamis 12, in Allah ya yarda. Zan raka mahaifiyata ganin likita ne ranar Juma'a 6. Rahoton wata zan miƙa shi kafin in tafi, sauran aikin kuma abokin aikina na sashe ya yarda zai riƙe, kuma shugaban sashenmu ya sani. Idan akwai abin da ake so in kammala kafin lokacin, a shirye nake. Na gode, Allah ya ƙara girma."

A lura da lissafin. Daga 5 zuwa 11 kwana bakwai ne a kalanda, amma biyar ne na aiki, tunda Asabar da Lahadi sun faɗo a ciki. Wanda ya rubuta "sati ɗaya" ya bar wa sashen ma'aikata su zaɓa masa, kuma wurare sun bambanta a kan wanne suke ƙirgawa. Faɗin ranar dawowa ƙarara shi ke kashe wannan gardamar tun kafin ta taso.

A lura kuma da dalilin: jimla ɗaya. Bai faɗi ciwon ba, bai faɗi kuɗin da za a kashe ba. A hutun shekara ma dalili ba dole ba ne, amma ga dattijo rashin faɗinsa sam yakan zama kamar ɓoye-ɓoye, shi ya sa jimla ɗayar take da amfani. Zayyana ciwon uwa a takardar da za ta bi hannu biyar kuwa tona asirin gida ne, kuma ambaton kuɗi yana sa takardar ta yi kama da gaisuwa da roƙon iri.

Jimlar da ta fi kowace girmama shi a nan ba addu'ar ƙarshe ba ce, ita ce ta mai riƙe aiki. Damuwar shugaba ta gaskiya ita ce wa zai yi aikin, kuma me zai faɗa idan na sama da shi ya tambaya. Yaron da ya warware masa wannan kafin ya tambaya ya ɗauke masa kaya.

## Hanyar da takarda ke bi

Kyakkyawar takarda na iya lalacewa saboda ƙofar da ta shiga. A aikin gwamnati, ƙaramin ma'aikaci ba ya rubuta wa darakta kai tsaye. Takardar tana bi ta hannun shugabansa na kusa, shi ya sa ake ganin an rubuta u.f.s., wato "ta hannun wane", a samanta kafin muƙamin shugaban sashe. Matashin da ya ga daraktan abokin mahaifinsa ne ya tsallake shugaban sashe ya ɓata wa mutum biyu: ya raina na kusa, ya kuma saka dattijon a tsaka mai wuya, domin idan ya sa hannu ya karya tsarin da shi ke tsaronsa. Sau da yawa abin da zai yi shi ne ya mayar da takardar ƙasa, ta isa hannun wanda aka tsallake ɗin da ransa a ɓace.

Lokaci ma magana ne. Abin da ka san da zuwansa, kamar biki ko ranar asibiti, ka nema da mako biyu ko fiye a gaba, sai dai in wurin aikinku ya tsayar da nasa wa'adin. Takardar da ta zo ana gobe tafiya, kome ladabin kalmominta, cewa take yi an riga an yanke hukunci. Rasuwa da haɗari daban ne. Nan kira ya fi rubutu, kuma babu dattijon kirki da zai nemi doguwar gaisuwa daga wanda aka yi wa rasuwa. Ka kira, ka faɗa, takarda ta biyo baya ko ka sa wani ya miƙa maka.

Saƙon WhatsApp yana da gurbinsa, amma gurbin share fage ne ko tunatarwa, kuma a lokacin aiki. Saƙon murya ga wanda ya haife ka ya fi kama da aike, ga shi ba a iya sa shi a fayil. Ga mace matashiya da ke rubuta wa shugaba namiji, ko saurayi ga shugaba mace, tsayawa kan salon ofis da lokacin ofis kariya ce ga su biyun, domin saƙon ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana iya samun fassarar da mai shi bai nufa ba.

## Yadda za ka gane ka gaza ko ka zarce

Dattijo ba kasafai zai ce maka ka yi rashin ladabi ba, amma akwai alamu. Idan amsar ta zo da "zo ka same ni a ofis" ba tare da komai ba, yawanci ka gaza ne, ko dai a murya ko a hanya. Idan ya dawo maka da tambayoyi, daga yaushe, kwana nawa, wa zai riƙe, to ka cika gaisuwa ka bar magana. Idan kuma ya yi dariya ya ce "ai haƙƙinka ne, mene ne na roƙo", ya gaya maka a fakaice cewa nan gaba ka rage. Hanya mafi sauƙi ta sanin ma'aunin ofishinku ita ce ka roƙi wani da ya daɗe a wurin, musamman sakatare, ya nuna maka yadda takardun da ake amincewa da su suke. Wani shugaban ya yi aiki a banki shekara talatin, layi uku yake so. Wani kuma idan ba ka leƙo ka gaishe shi ba, takardarka za ta kwana a ƙasan tire.

Saura shiru. Kunya takan hana matashi tuntuɓa, sai ya ɗauka tunda ba a ce a'a ba an yarda. A ƙa'idojin aikin gwamnati, barin aiki ba da izini ba babban laifi ne da ke iya kaiwa ga kora, kuma takardar tuhuma ba ta duba cewa ka miƙa buƙata. Abin da take tambaya shi ne an amince ko ba a amince ba. Haka "Allah ya kiyaye hanya" da ya faɗa maka a bakin mota ba sa hannu ba ne. Idan kwana biyu ko uku sun wuce, ka bi ta wurin sakatare ka ji inda takardar ta tsaya, in kuma dole sai kai da kanka, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina tuni ne a kan takardar hutun da na miƙa ranar Litinin, ko akwai abin da ya rage in kawo." Wannan ta ba shi mafita ko da mantawa ya yi, ba tare da ka ce ya manta ba. Idan ya ce makon bai yiwu ba saboda aiki, kada ka jawo masa sashen doka a fuska, ka tambayi makon da zai yiwu. In ranar asibitin ba ta ɗaguwa, ka rage buƙatar zuwa Alhamis da Juma'a kawai, ka ce ɗan'uwanka zai karɓe ka daga Asabar, sauran kwana ukun kuma a ajiye maka su a rubuce zuwa wani lokaci.